Cinikin waya: a sanar da mai kira, sannan a mai da murya rubutu

Ƙungiyoyinmu da yawa sun wuce zubin mako da rabon ƙarshen shekara. Wasu na matsar man gyaɗa suna suyar ƙuli-ƙuli, wasu na haɗa turaren wuta, wasu sabulu. Mai saye kuma ba lalle ta tako ƙofar gida ba. Tana Damagaram ko Tawa ko Yamai za ta bugo waya ta faɗi abin da take so, a sa mata a mota. Cikin minti uku an ƙulla cinikin jika saba'in, ba takarda, ba shaida. Bayan kwana goma kuwa kowa da abin da kunnenta ya riƙe. Ita ta ce bido uku ta ce, mu mu ce biyu muka ji, ga kuɗin asusu ne aka sayi gyaɗar da su, ranar taro kuma ma'ajiya ce za ta tsaya gaban mata talatin ta yi bayani.

Shi ya sa wasu ƙungiyoyi suka fara ɗaukar muryar masu kira a salula, daga baya sakatariya ta saurara ta rubuta a kaye. Dabara ce mai kyau, mu ma muna bayanta. Sai dai ƙafa biyu gare ta, kuma mun lura an fi son tafiya da ɗaya. Ana ɗaukar muryar, amma ba a gaya wa mai ita ba. Ko kuma an gaya mata, an ɗauka, sai a bar muryoyi ɗari jibge cikin waya ba wadda ta taɓa rubuta ko ɗaya.

Muryarta ce, ba tamu ba

Mu fara da faɗa wa mai kira, don shi ne wanda ake jin nauyinsa. Wata za ta ce, ai wayata ce, da ni ake magana, mi ya kai ni neman izini? Wayar taki ce, gaskiya ne. Amma muryar da ke ciki ta wata ce, kuma ba farashin mai kaɗai ke fita daga bakinta ba. Cikin gaisuwa za ta ce maigida ba lafiya, ko ta ce a yi mata haƙuri da bashi don kishiya ta haihu hidima ta yi yawa, ko ta roƙa kada a gaya wa wance ta sayi kaya a nan. Da ta san ana ɗauka, rabin wannan ba za ta faɗa ba. Akwai kuma matan da mazansu ba za su ji daɗi ba sam in suka ji muryar iyalinsu na ajiye a wayar wani gida, wayar da saurayin ɗan gidan ke ɗauka yana kallon ƙwallo da ita.

Doka ma ta san da wannan. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, aka sake ta a 2022, kuma akwai hukumar da aka ɗora wa aikin, wadda ake kira HAPDP, ofishinta na Yamai. A idon wannan doka, duk abin da za a gane mutum da shi bayaninsa ne, kamar sunansa, lambar wayarsa, hotonsa, har muryarsa. Wanda zai tara irin wannan sai ya sanar da mai shi, ya faɗi dalili, ya tsaya a kan dalilin, kada kuma ya ajiye fiye da lokacin da ake bukata. Mai bayanin na da ikon ta nemi sanin abin da aka ajiye nata, ta sa a gyara kuskure, ko ta ƙi. Masu saye daga Jibiya ko Katsina ma ƙasarsu ta yi irin wannan doka a 2023, don haka tsallaka iyaka bai sauke mana nauyin ba. Ƙungiyar da cinikinta ya girma har tana ajiye sunaye da muryoyin mutane masu yawa, ya kamata ta tuntuɓi hukumar ta ji abin da ake bukata gare ta.

Amma ko babu doka, ku duba ta fuskar kasuwa. Ranar da gardama ta tashi kika ce "tsaya in kunna miki muryarki", in ba ta san an ɗauka ba, wataƙila ki ci gardamar jika biyu, amma kin rasa mai saye. Kafin magariba labari ya zagaye dangi da maƙwabta cewa matan ƙungiya kaza naɗar mutane suke a ɓoye. In kuwa da saninta aka ɗauka, ita da kanta za ta ce a kunna a ji.

Yaya ake faɗa? Gajere, bayan gaisuwa, kafin a shiga lissafi. Ga irin abin da muke ba da shawara, kowa ta juya shi yadda bakinta ya saba:

"Hajiya, kafin mu shiga ciniki, mu nan ƙungiya muna ɗaukar maganar ciniki a waya don mu rubuta ta daidai, kada a samu saɓani a kuɗi ko a kaya. Ni da ma'ajiyarmu kaɗai ke saurare, in an gama biya sai mu goge. Kin yarda in ɗauka, ko in rubuta da hannu muna magana?"

Abu huɗu ke cikin wannan magana: ana ɗauka, don mi, wa zai ji, yaushe za a goge. Sannan ta ƙare da tambaya, tambayar kuma ta ba ta hanya biyu. Wannan ne ya raba sanarwa da neman yarda. In kika ce "muna ɗaukar murya fa" kika zarce da maganar farashi, kin sanar, amma ba ki ba ta wurin cewa a'a ba. Mu kuma mun san halinmu, babbar mace ba ta son ta ƙi abu kai tsaye, ƙaramar yarinya ba ta iya musa wa wadda ta haife ta. Sai an buɗe mata ƙofa ta biyu za ta iya bi ba tare da jin kunya ba.

Akwai ɗan tsari a nan da ake yawan juyawa. Ki tambaya tukuna, waya ba ta ɗauka. In ta yarda ki danna, sannan ki maimaita cikin ɗaukar: "To Hajiya, na fara ɗauka yanzu, yau Talata, da yardarki ko?" Ta ce "da yardata." Yanzu yardar tata na cikin muryar, ita ce farkon abin da duk mai saurare zai ji. In kin danna tun kafin ki tambaya, kin riga kin ɗauki abin da ba a ba ki ba. In kuma kin tambaya ba ki maimaita ba, yardar ta tafi da iska.

Saboda haka muke cewa a kashe ɗauka ta kai-tsaye. Wayoyi da yawa, manya masu shafawa da ƙanana masu maɓalli, suna da wurin da in an kunna shi, duk kiran da ya shigo sai waya ta naɗe shi da kanta. A saitin kira ake samunsa, a wasu wayoyi an rubuta Enregistrement automatique, a wasu Auto record. Wannan ba ya tambayar kowa, kiran surukarki da na likita da na mai saye duk ɗaya ne a wurinsa. Ki bar shi a kashe, ki riƙa danna Enregistrer ko Record da hannunki idan lokaci ya yi. Wasu wayoyi kuma, musamman masu manhajar kira ta Google, suna yin sanarwa da kansu da zarar an danna, duka ɓangarori biyu su ji wata murya na cewa ana ɗauka. Kada ki dogara da ita. Da Faransanci ko Ingilishi take magana, tsohuwa a ƙauye za ta ɗauka kamfanin waya ne ke cewa kuɗinta sun ƙare. Haka in mai kiran Bazabarma ce ko Bafulatana wadda Hausarta ta ciniki ce kawai, a nemi wadda za ta faɗa mata da harshen da take ji sosai.

In ta ce a'a, ba faɗa. Ki jawo kaye da bik, ki rubuta kuna magana, ki karanta mata a ƙarshe. Kada fuskar ciniki ta canja don ta ƙi. In kuma tsakiyar magana ta kauce zuwa sirrin gida, ki ce "bari in tsai da ɗaukar, Yaya", ki tsayar da gaske. In ta miƙa wayar ga wani, direba ko ɗanta, shi ma sai an gaya masa, don yardar da ta bayar ta bakinta ce kaɗai. Mai saye ta kullum ma a riƙa tuna mata kowane kira, ko da kalma biyar ce: "Ina ɗauka kamar kullum, Inna." Kiran WhatsApp kuwa manhajar ba ta da maɓallin ɗauka. In ciniki ya biyo ta can, ya fi sauƙi ki ce ta aiko saƙon murya da adadin kaya da kuɗi, tunda wannan ita ta ɗauka da hannunta ta aiko.

Daga kunne zuwa kaye

Murya a waya ba lissafi ba ce. Ba za ki iya duba ta da ido ranar taro ba, ba za ki iya tara ta ba, in kina neman magana ɗaya sai kin saurari goma. Waya kuma na faɗawa ruwa, ana sace ta, katin ajiya na lalacewa. Rubutun ne abin aiki, muryar madogara ce da ake komawa in an yi shakka.

Ki rubuta a ranar, kafin ki kwanta. Abin da rezo ya cinye, ƙwaƙwalwarki na riƙe da shi yau, jibi kuwa ya tafi. Kuma ki ware lokaci na gaskiya. Masu wannan aiki sun san minti ɗaya na magana na cin kamar minti huɗu ko biyar wajen rubutawa, don sai an tsayar, an koma baya, an sake ji. Kiran minti uku zai ci miki wajen kwata. Kira shida a yini, awa ɗaya da rabi ke nan. Ƙungiya ta san da haka tun farko, ta yanke ko za a ba sakatariya ɗan abin sabulu, ko a raba aikin tsakanin mata biyu masu karatu. In ba haka ba, mako uku za a yi ana marmari, sai kaye ya koma ƙarƙashin katifa.

Ba duka kiran ake rubutawa ba. Ina kwana, ina gajiya, yaya yara, yaya zafi, wannan a rubuta "gaisuwa" a wuce. Abin da ake bi kalma da kalma shi ne wurin yarda, da duk inda aka ambaci kaya, adadi, kuɗi, rana, da wanda zai yi mi. A saman shafi a sa kwanan wata, lokaci, tsawon kiran, da wadda ta amsa. Maimakon sunan mai saye, a ba ta lamba, sunayen da lambobin waya su zauna a wani ƙaramin kaye dabam cikin akwatin asusu. Ita ma muryar a canja mata suna a cikin waya ya dace da shafin, misali:

```
11-03_09h40_07
```

Wato 11 ga Maris, ƙarfe tara da minti arba'in, mai saye ta bakwai. In ba a yi haka ba, wata biyu nan gaba za ki tarar da jerin lambobi masu kama da juna, ki rasa wacce ce wacce.

Sauraro uku muke so. Na farko ki ji duka, bik a ajiye. Na biyu ki riƙa tsayarwa bayan kowace jimla kina rubutawa. Na uku ki kunna daga farko kina bin rubutunki da yatsa. Ki sa abin sauraro a kunne, don ya fi fitar da magana, kuma tsakar gida ba ta ji ba.

Bari mu bi kira ɗaya tun daga farko, don a ga inda ramukan suke. Mu ɗauka ƙungiyar masu man gyaɗa ce a Maraɗi, mai saye na Damagaram, farashin kuma na misali ne: lita ɗaya dala ɗari uku, wato sefa 1.500, bido mai lita 25. Harafin S sakatariya ce, M mai saye. Lambobin gefe minti da daƙiƙa ne, don a san inda za a koma.

0:00 S: Na fara ɗauka, Hajiya, da yardarki ko?
0:04 M: Da yardata, ɗiyata.
0:31 M: Bido uku nake so. A'a, tsaya, biyu dai. Na ukun sai na ga yadda kasuwar Alhamis ta yi.
0:48 S: Litar dala ɗari uku ce yanzu.
0:52 M: To.
1:10 M: Tala(ba a ji ba) zan aiko, sauran in kaya sun iso.
1:26 M: Ga ɗari biyar na mota.
1:40 M: Waccan yarinyar tawa kuma ta biya na wancan karon.

Layi takwas ne, amma akwai wuri biyar da kuɗi za su iya zubewa.

Na farko, bido uku da suka koma biyu. Mai gaggawa za ta rubuta "biyu" kawai, tunda shi ne ƙarshe. Mu muna cewa a rubuta duka yadda ta faɗa, har da "a'a, tsaya". Ranar da ta ce ai uku ta ce, ba ƙarya take yi ba, ta faɗi uku. Shafin zai nuna mata ta faɗa kuma ta janye, sai a rabu ba wadda aka ƙaryata.

Na biyu, wannan "to" na daƙiƙa 52. Duk Bahaushiya ta san "to" iri-iri ce. Akwai ta na yarda, akwai ta na ji, akwai mai ja wadda ke nufin kai, ya yi tsada. A takarda duk harafi biyu ne. Sakatariya ba ta da ikon ta mai da "to" ta zama "na yarda". Ta rubuta "to", in muryar ta ja ta sa a gefe cewa da jinkiri aka faɗe ta. Haka "ba komai", da "sai na gani", da "in Allah ya so". Waɗannan ba sa hannu ba ne.

Na uku, inda rezo ya yanke. "Tala" mi? Talata zan aiko, ko talatin zan aiko? Ɗaya rana ce, ɗaya jika talatin ce ta kafin alƙalami, kuma kowacce ta zauna daram cikin jimlar. Nan ne jarabar cike gurbi ke zuwa, don kunne na jin abin da zuciya ke so. Ƙa'idar ita ce, abin da ba ki ji ba ki rubuta ba ki ji ba, da mintinsa. Ki sake saurare sau biyu, ki ba ma'ajiya ta ji ba tare da kin gaya mata abin da kike zato ba. In kun saɓa, ko ku duka kuna shakka, a sake kira. Bakwai da takwas ma haka suke yi a waya mai ƙara, ga kuma "ku aiko" da "kun aiko", inda ɗan ƙaramin sauti ɗaya ya raba umarni da labari.

Na huɗu shi ne namu na gida, dala da tamma. "Ɗari biyar na mota." In da dala take lissafi, kamar yadda muke yi a kasuwa, ɗari biyar sau biyar ne, sefa 2.500, jika biyu da rabi. In kuwa irin ƴan lakwal ce masu fassara lissafin Faransanci kai tsaye, sefa 500 take nufi, dala ɗari. Tsakaninsu jika biyu. Don haka a shafi a rubuta kalmar bakinta, "ɗari biyar", sannan a gefe a sa adadin sefa da lambobi, bayan an tabbatar. Da masu saye na ƙetaren iyaka abin ya fi haka, don "dubu goma" a bakin mutumin Jibiya naira ce, "jaka" kuma a tsohon lissafinsu naira 200 ce, ba jikarmu ta sefa 1.000 ba. Kowane adadi a rubuta masa sunan kuɗinsa.

Na biyar ya fi duka ɓuya, don ba laifin rezo ba ne, halin rubutunmu ne. "Yarinyar ta biya." Ku faɗe ta da baki ku ji. In kin ja "ta" kin ɗaga murya, labari ne, ta riga ta biya. In kin gajarta ta kin sauke, umarni ne, a sa ta ta biya. Kunne na rabewa nan take, amma bik ba ya rabewa, don rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna ja ko karin sauti. Wadda ta saurara ta san abin da aka ce. Ma'ajiyar da za ta karanta bayan wata ɗaya ba ta sani ba, tana iya share bashin da ba a biya ba, ko ta bi wanda aka riga aka biya. Duk inda kika rubuta "ta biya", "ya kawo", "ya karɓa", ki ƙara a gefe: an riga an yi, ko ana so a yi. Wannan ɗan ƙarin na iya zama mafi tsada a shafin.

A misalinmu an sake kira, aka sake neman izini, Hajiya ta ce talatin take nufi, kuɗin mota dala ɗari biyar ne, farashi ta yarda, yarinya kuma ta riga ta biya. Sai a ja layi a ƙarƙashin maganar, a rubuta taƙaitawa da bik mai wani launi, don kada a haɗa abin da ta faɗa da abin da muka fahimta. Bido 2, lita 50, a kan sefa 1.500, ya kama 75.000. Kuɗin mota 2.500, jimla 77.500. Za ta aiko 30.000, saura 47.500, wato jika arba'in da bakwai da rabi. Ma'ajiya ta sake lissafin da kanta ta sa hannu. Sannan a tura wa Hajiya wannan taƙaitawar a rubuce, ko a saƙon murya in ba ta karatu, ta amsa.

Duk wannan wahala kuwa rabinta na gushewa in sakatariya ta koyi abu ɗaya: maimaitawa kafin a kashe waya. "Hajiya, in karanta miki. Bido biyu, jika saba'in da biyar. Mota jika biyu da rabi. Za ki aiko jika talatin ranar Laraba. Haka ne?" Ta ce "haka ne". Daƙiƙa ashirin ke nan, kuma su ne suka fi sauƙin rubutawa cikin kiran duka, don a hankali aka faɗe su, cikin bakin da ya san za a rubuta.

Inda muryar ke kwana

Mun yi wa mai saye alkawari biyu, cewa mutum biyu ne za su ji, kuma za a goge. Cika su ya fi faɗarsu wuya.

In hali ya yi, ƙungiya ta sayi waya tata ta ciniki, ko ƙarama ce mai maɓalli, a sa mata lambar kullewa. Wayar sakatariya ta gida hannu goma ke taɓa ta. Ana kai ta wurin mai cajin waya a bar ta yini, ana ba yaro ya kai katin ajiya a zuba masa waƙoƙi da finafinai, ana kai ta gyara. A kowane ɗayan waɗannan wurare wani na iya kwafe abin da ke ciki cikin minti biyu. Kafin waya ta bar hannu a cire katin, ko a goge abin da aka gama da shi.

Kada a tura muryar mai saye cikin zauren WhatsApp na ƙungiya, ko da don a nuna wa mata cewa ga mai taurin bashi. Da ta shiga waya talatin ta fita hannunmu, ba mai iya dawo da ita. Izinin da aka ba mu na rubuta ciniki ne, ba na tallata mutum ba, kuma tun 2019 ƙasar nan na da dokar laifukan intanet wadda ta haɗa da ɓata suna ta waya. In gardama ta kai a saurara, a kira mai muryar, a zauna da shugaba da ma'ajiya, a kunna wurin da ake saɓani kaɗai. Lambobin minti na gefen shafi ranarsu ke nan.

Akwai kuma abin da bai kamata ya shiga ɗauka ba ko kaɗan. Lambar sirri ta asusun kuɗin waya ba a faɗarta ga kowa, balle a naɗe ta. Lambar karɓar kuɗi da kamfanonin aika kuɗi ke bayarwa, in mai saye za ta karanto miki ita, ki tsai da ɗaukar, ki rubuta a ƴar takarda, ki yage bayan an karɓa. In ta riga ta faɗa kafin ki tsayar, a kaye ki sa "ta ba da lamba" kawai, muryar kuma a goge ta da zarar kuɗi sun shigo hannu.

Maganar gogewa, ƙungiya ta yanke wa'adi a taro ta rubuta cikin dokokinta, kusa da tarar makara da ta fashin zubi. Mu muna ganin wata ɗaya bayan kaya sun isa kuma kuɗi sun cika ya wadatar, don man da zai yi gardama ya yi ta kafin nan. Cinikin da ke da saura ko saɓani, muryarsa na nan har a warware. Ranar taron farko na kowane wata, sakatariya da ma'ajiya su zauna da waya da kaye, su bi shafi shafi. Wanda aka gama a goge muryarsa, a rubuta "an goge" da kwanan wata a ƙasan shafin. A leƙa kwandon shara na wayar ma, don wasu wayoyi na riƙe abin da aka goge har kwana talatin kafin ya tafi. In mai saye ta bugo ta ce a goge tata tun wa'adi bai yi ba, kuma ba bashi tsakani, a goge a gaya mata an yi.

In shekara ta zagayo aka yi zaɓe aka canja sakatariya, wayar ciniki da kaye biyun su koma hannun sabuwa a gaban taro, a canja lambar kullewa a ranar. In da wayar tsohuwar ake aiki, a zauna da ita a rubuta abin da ya rage ba a rubuta ba, a kwashe muryoyin cinikin da ke da saura zuwa katin ƙungiya, sauran a goge su a gabanta kafin a tashi. Masu saye na kullum kuma a kira su ɗaya bayan ɗaya a gaya musu sunan wadda za ta riƙa amsa waya da saurare daga yanzu, tunda wadda suka ba izini da farko ba ita ce ke kan kujerar ba.